Mita Ɗaya, Ɗaki Huɗu: Yadda Ake Raba Kuɗin Wuta a Gidan Haya

A zamanin da ake kawo takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, 'yan hayan gida ɗaya bakinsu ɗaya ne. Takarda za ta zo a ƙarshen wata da adadin da babu wanda ya san inda aka samo shi, a yi gunaguni tare, a raba tare, laifin kuwa a jingina shi ga Nepa, sunan da har yau bai bar bakin mutane ba duk da cewa tun watan Nuwamba na 2013 kamfanin KEDCO ne yake rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa. Mita mai kati ta kawar da ƙiyasi, kuma wannan alheri ne. Sai dai ta shigo da rigimar cikin gida. Yanzu abin da aka sha shi ake biya, kuma idan yunit ya ƙare da tsakar dare a watan bazara, ba kamfani ake harara ba, ɗakin maƙwabci ake harara.

A Kabara, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, wannan matsala tana da tushe a cikin ginin gidajen kansu. Unguwa ce tsohuwa a kusa da Gidan Rumfa, inda Gidan Ƙadiriyya yake, kuma ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i suna neman ɗaki a cikinta. Gidan da kaka ya gina domin iyali ɗaya, bayan rabon gado da ƙaurar wasu zuwa sababbin unguwanni, sai ya koma ɗakunan haya. Wayar wuta kuwa ba a shimfiɗa ta da wannan niyya ba. An ja ta ne daga soro zuwa tsakar gida, daga baya aka riƙa ƙara reshe duk lokacin da aka ƙara ɗaki. Saboda haka mita ɗaya ce, masu sha da yawa.

Akwai irin wannan gida mai ɗaki huɗu, wanda aka ɗora wa wani malamin lissafi na makarantar sakandare nauyin tara kuɗin wutarsa, saboda shi ne mai albashi kuma shi ne yake sayen kati ta waya. Yana zaune da iyalinsa a ɗaki ɗaya. A na biyu akwai wata dattijuwa da kowa yake kira Iya. A na uku akwai wata mai 'ya'ya uku da take sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. A shagon da yake jikin soro kuma akwai samari biyu, ɗalibai.

Gidan yana sa katin naira 14,000 a wata, yana samun yunit 200, wato kowane yunit ya tashi a kan naira 70 har da haraji. Wannan farashi na lissafin nan ne kawai. Kowane gida zai iya gane nasa ta hanyar raba kuɗin da ya biya da yawan yunit ɗin da rasit ya nuna, domin farashi ya danganta da rukunin da layin unguwa yake ciki. Tun 2020 hukumar NERC ta kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga A da aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa B mai 16, C mai 12, D mai 8, da E mai 4.

Da farko raba daidai ake yi, kowane ɗaki naira 3,500. Wannan bai daɗe ba, don ko yaro ya san ɗakin Iya ba ya shan abin da ɗakin firiza yake sha. Sai aka koma ga tsarin da ya fi yaɗuwa a gidajen haya, wato ƙirga kayan wuta: kowane abu da ake jonawa a lissafa shi ɗaya, a haɗa na gida duka, a raba kuɗin a kansu. Iya tana da ƙwan fitila biyu da fanka da rediyo, huɗu ke nan. Samari suna da ƙwai biyu da fanka da kwamfutar hannu da cajar waya uku da fitilar caji, takwas. Mai ƙanƙara tana da ƙwai ɗaya da fanka da firiza, uku. Malam yana da ƙwai biyu da fanka da talabijin da dutsen guga da hitar dafa ruwa, shida. Jimilla 21. Da wannan lissafi Iya ta tashi da kusan naira 2,670, samari 5,330, mai ƙanƙara 2,000, Malam 4,000.

Tsarin yana da kamannin adalci, domin mai kaya da yawa shi ne yake biyan da yawa. Samari ne suka ƙi yarda da shi. Babban cikinsu ya ce, "Malam, gafarta, mu fa yawancin kayanmu caja ce. Yaya za a yi mu fi mai firiza biya har ninki biyu?" Mai ƙanƙara kuwa ta ce ita abu uku kacal take da shi, a ƙirga a gani. Dukansu gaskiya suka faɗa a kan ƙirga. Ƙirgar ce ba ta da alaƙa da abin da mita take aunawa.

Mita ba ta san yawan kaya ba. Abu biyu take lura da su: ƙarfin da kowane abu yake ja, da tsawon lokacin da ya yi yana ja. Ƙarfin shi ne wat, kuma akan rubuta shi a jikin kayan, lamba da harafin W a bayanta. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya cinye yunit ɗaya. Hita mai wat 1,500 kuwa a minti 40 take cinye shi. A tsarin ƙirga, ƙwai da hita matsayinsu ɗaya, alhali hitar tana jan abin da ƙwai 150 za su ja. Wanda ya ƙirga kaya ya raba kuɗi kamar wanda ya sayi awaki da kaji ne ya ce a yi masa kuɗi da yawan kawuna.

Malam ya zauna da takarda ya yi lissafin rana ɗaya, bisa cewa wuta takan zauna kamar awa 10 a gidan. Ya ninka wat na kowane abu da awannin da ake amfani da shi. A ɗakin Iya, ƙwai biyu na awa biyar sun ba da 100, fanka mai wat 70 ta awa takwas ta ba da 560, rediyo 40. Jimilla 700 a rana, wato yunit 21 a kwana 30. A shagon samari, duk tarin kayan nan takwas 1,000 suka ba da, kuma fiye da rabinsa na fanka ne. Caja uku gaba ɗaya ba su wuce 60 ba. Yunit 30 ke nan a wata.

A ɗakin mai ƙanƙara lissafi ya juya. Firiza mai wat 200 ba ta kai dutsen guga ja ba, amma ba a kashe ta. Muddin akwai wuta tana aiki, kuma tun da kullum ana zuba mata sabon ruwa da zoɓo mai ɗumi, injinta ba ya samun hutun da firizar gida takan samu. Awa 10 sau 200 ya ba da 2,000. Da ƙwai da fanka, ɗakin ya kai 2,600 a rana, yunit 78 a wata. Nasa ɗakin kuma, Malam ya tarar cewa hita ta rabin awa kullum ta ci 750, guga ta minti 15 ta ci 250, su biyun ke nan daidai da shagon samari ɗungurungum. Da sauran kaya ya tashi da 2,000 a rana, yunit 60.

Saura abin da yake na kowa da kowa: injin jan ruwa mai wat 750 da ake kunnawa ƙasa da rabin awa a rana, da ƙwan soro da na banɗaki. Waɗannan sun haɗu sun ba da yunit 12, aka raba huɗu, kowane ɗaki ya ɗauki uku. Sakamako: Iya 24, samari 33, mai ƙanƙara 81, Malam 63. Jimilla 201, dab da 200 ɗin da mita take nunawa, kuma wannan kusanci shi ne alamar farko cewa ƙiyasin bai kauce ba. Da jimillar ta tsaya a 150, da an san akwai wani abu da yake shan wuta wanda ba a faɗa ba.

Abin da ake so daga wannan lissafi ba adadin yunit ba ne, kaso ne. Wuta takan yi yawa wani wata ta yi ƙaranci wani wata, amma kason kowa ba ya motsi sosai muddin kaya ba su sauya ba. An daidaita shi a kan kashi 12 cikin ɗari ga Iya, 17 ga samari, 40 ga mai ƙanƙara, 31 ga Malam. A katin naira 14,000, Iya za ta ba da 1,680, samari 2,380, mai ƙanƙara 5,600, Malam 4,340. Wato a tsarin ƙirga Iya tana biyan rarar kusan naira 1,000 duk wata, samari kusan 3,000, kuma kusan duk wannan rara tana tafiya ne wajen daskarar da ƙanƙarar sayarwa. Shi kansa mai lissafin an ƙara masa naira 340, abin da ya taimaka ƙwarai wajen sa a saurare shi.

Bambancin yana girma idan farashi ya tashi. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya a cikin shekarar ya koma 209.50. Idan aka ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan wannan, yunit 200 zai kai kusan naira 45,000. A irin wannan layi, ɗakin firiza zai biya 18,000 bisa abin da ya sha, amma bisa ƙirga 6,400 da 'yan kai kawai. Gidan da yake haƙuri da tsarin ƙirga saboda kuɗin ba su da yawa, ranar da aka mayar da layinsu rukunin A haƙurin zai ƙare.

Takarda kaɗai ba ta gamsar da mai ƙanƙara ba, kuma tana da hujja. Ta ce, "Malam, kai ka rubuta, kai ka haɗa, kai ka raba. Ni ina na ga wat?" A nan ne Malam ya nuna wa gidan abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, cewa mitar kanta sikeli ce. A fuskarta akwai wata 'yar jar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita kuma an rubuta lamba kamar 1000 imp/kWh. Ma'anarsa ita ce fitilar za ta ƙifta sau 1,000 kafin yunit ɗaya ya ƙare. Wasu mitocin lambarsu 1600 ce ko 3200, saboda haka sai an duba. Duk wanda ya ƙirga ƙiftawa na minti ɗaya zai iya sanin wat ɗin da gida yake ja a lokacin:

```
wat = ƙiftawa a minti 1 × 60,000 ÷ lambar imp/kWh
```

A mita mai lamba 1000, lissafin ya zama ƙiftawa sau 60 kawai. Ranar wata Asabar da wuta ta zauna, aka kashe komai a gidan, aka zare duk abin da yake jone, aka taru a soro. Wannan shi ne mataki na farko, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Idan komai a kashe yake amma fitila tana ci gaba da ƙiftawa, to ko dai wata tsohuwar waya tana zubar da wuta cikin bango mai damshi, ko kuwa wani reshe ya fita zuwa wani shago ko gidan maƙwabta. A lungunan da katanga take jikin katanga, wannan ba baƙon abu ba ne, kuma sau da yawa wani tsohon ɗan haya ne ya ba da izini ya tashi ya bar shi. A gidan nan fitilar ta tsaya cak, aka ci gaba.

Aka kunna ƙwai ɗaya, sai da aka jira minti shida kafin ta ƙifta sau ɗaya. Aka kunna fanka, ta riƙa ƙiftawa kusan sau ɗaya a minti. Aka jona firiza ita kaɗai, aka bari injinta ya tashi ya daidaita, sai ga ƙiftawa duk bayan daƙiƙa 18, sau 10 a minti uku. Da aka zo kan hitar Malam, yaran gidan suka ƙirga da ƙarfi har 25 a minti ɗaya, aka yi dariya, shi ma ya yi. Iya ta ce, "Ashe Malam kai ne babban mai cin." Ya ce, "Na rabin awa ne, Iya. Firiza ba ta kai ni loma ba, amma ita ba ta tashi daga gaban kwano." Daga nan mai ƙanƙara ta daina musun adadi, ta koma tambayar yadda za ta biya shi.

Wannan gwaji yana da iyaka. Yana nuna ƙarfin da abu yake ja, ba ya nuna awa nawa aka yi ana amfani da shi, kuma awanni su ne rabin lissafi. Awannin firiza kowa ya san su, domin su ne awannin wuta, sai dai a rage lokacin da injinta yake hutawa, wanda ake ganewa da kunne idan ƙararta ta ɗauke. Awannin hita da guga kuwa sai abin da mai su ya faɗa. Alamar cewa wani ya rage a faɗarsa ita ce katin da ya saba kai wata ya fara ƙarewa a kwana 24 ko 25 ba tare da wutar ta ƙaru ba. Idan haka ta faru, kafin a zargi kowa, a nemi abin da yake zafi ko yake sanyi: hita, risho na lantarki, dutsen guga, firji, na'urar sanyaya ɗaki. Sai kuma batirin inbata, wanda yake shan wuta shiru lokacin da aka kawo ta, ya ba mai shi haske lokacin da sauran gida suke cikin duhu. Caja da rediyo da ƙwan fitila ba su ne suke cinye kati ba, ko da sun kai goma.

Yanayin shekara ma yana sauya kaso. Da hunturu fanka takan kwanta, hita ta tashi, cinikin ƙanƙara ya ja baya, sai nauyi ya koma ɗakin mai iyalin da yake dafa ruwan wanka. Da bazara, musamman idan azumi ya faɗo a cikin zafi, firiza ba ta hutawa ko kaɗan. Saboda haka gidan ya amince a sake lissafi sau biyu a shekara, da kuma duk lokacin da wani ya shigo da sabon kaya mai ja. Wanda ya yi tafiya wata guda ya kulle ɗakinsa, kason kayan tarayya kawai zai biya.

Akwai wani abu da rasit yake ɓoyewa wanda ya shafi rabo. Idan akwai tsohon bashi a kan asusun gidan tun zamanin ƙiyasi, kamfani yakan cire wani abu daga kuɗin kati kafin ya ba da yunit. Za a gane haka idan an raba kuɗi da yunit aka ga farashin ya zarce na maƙwabtan da suke layi ɗaya. Wannan bashi ba wutar da 'yan hayan yanzu suka sha ba ce. Haƙƙinsa yana kan mai gida ko waɗanda suka zauna kafin su, kuma adalci shi ne a ware shi a kai wa mai gida, ko a rage shi daga kuɗin haya, ba a cusa shi cikin kason Iya ba.

Mafita mafi tsafta ita ce kowane ɗaki ya samu ƙaramar mitarsa ta auna sha, wadda ake sayarwa a shagunan kayan wuta, ana karanta ta ranar ɗaya ga wata a raba kuɗi bisa abin da ta nuna. Cikas ɗinta a tsohon gida shi ne sai an raba wayar kowane ɗaki daga tushe, aikin da yake buƙatar ƙwararren mai gyaran wuta da yardar mai gida, kuma dole a sa ta bayan mitar kamfani ba tare da an taɓa hatiminta ba. Malam ya ga cewa ba sai an kai ga haka ba. Tun da firiza ita kaɗai tana shan kusan kashi 30 cikin ɗari na wutar gidan, ƙaramar mita ɗaya a layin soket ɗinta ta isa ta cire mafi girman abin jayayya. Sauran ɗakuna a ci gaba da kaso.

Abin da ya rage ba na lissafi ba ne. Ƙarin naira 3,600 a wata ga mace mai ciyar da yara uku ba ƙaramin abu ba ne, kuma Malam ya san cewa gaskiyar da ya fito da ita a kanta za ta sauka. Ya rarraba mata adadin zuwa naira 120 a rana, ya nuna mata cewa kuɗin wutar firiza jarin sana'a ne kamar sukari da leda, wurinsa cikin farashin ƙanƙara, masu saye su biya shi maimakon maƙwabta. Aka yarda ta riƙa bayarwa mako-mako, tun da cinikinta na kullum ne ba na ƙarshen wata ba. Iya kuma ta ce a bar naira 500 daga abin da aka rage mata ya tafi kason mai ƙanƙara har zuwa bayan Sallah, saboda yaran su suke ɗebo mata ruwa. A baya ma Iya tana biyan fiye da haka, amma a rashin sani, ana cire mata ba ta da labari, mai amfana ma ba ta san an yi mata komai ba balle ta gode. Yanzu an rubuta shi a littafin gida da sunan kyauta, da ranar da zai ƙare, kusa da yunit ɗin da mita ta nuna a farkon wata da kason kowane ɗaki.